Bulon Alu

Alu mutumin Fassi ne, amma a Rano aka san shi, a bakin titi inda yake buga bulo. Gonar gadonsa ya sayar ya sayi injin, lokacin da kowa ke gini. Mutum ne marar yawan magana, kuma bai taɓa cin bashi da ruwa ba. Ko asusun banki matarsa Asibi ce ta matsa ya buɗe.

Da aka cire tallafin mai, Naira kuma ta faɗi, sai komai ya tashi. Tifar yashi ta ƙara kuɗi, gas ɗin inji ya ƙara, siminti kuwa farashin safe daban, na yamma daban. In ya sayar da bulo yau, kuɗin ba sa mayar masa da simintin da ya ci. Masu ƙananan gini suka janye, don ciki ya riga ɗaki. Mutum ɗaya ya rage masa, Alhaji Nasir ɗan kasuwar shinkafa, mai gina katon sito a hanyar Kibiya. Saboda shi Alu ya cika fili da bulo.

Wata Laraba Alhaji ya zo, bai ko kashe mota ba.

"Malam Alu, na tsayar da ginin. Da kuɗin banki nake yi, Babban Banki kuma ya sake ƙara kuɗin ruwa. In na ƙara karɓa, ribar shinkafar ba za ta biya ba."

"Ana cikin wannan tsadar kuma a ƙara, Alhaji?"

"Wai maganinta ke nan. Bashi ya yi tsada, irina mu daina karɓa, mai kuɗi ya gwammace ya ajiye. In masu saye suka ragu, mai kaya ba zai iya ta ƙari ba."

"To siminti zai sauko?"

"Gudun tashinsa ne zai ragu. Shi ma sai a hankali."

Alu ya dubi layukan bulon. "Ashe da ni za a yi maganin," in ji shi.

Ya sallami leburorinsa biyu. Ya sa injin a kasuwa, amma masu iya saye su ma sun riƙe hannu. Ya yi tunanin komawa noma, ga shi ba gona, kuɗin aro da na taki kuma sun fi ƙarfinsa. Asibi ta rage tukunya.

Daga baya rediyo ta ce hauhawar farashi ta fara sassautawa. Gaskiya ne, siminti ya daina tsalle, sai dai ya tsaya a inda hannun mutane bai kai ba.

Har yanzu Alu yana fitowa kullum da safe. Wani lokaci mai gyaran katanga ya zo ya ɗauki kaɗan a baro. Sauran bulon damina ta bi ta kansu, ciyawa ta fito a tsakaninsu, shi kuma yakan sunkuya yana cirewa.