Inci Biyun da Ban Rubuta Ba

Lokacin da nake ɗinki a Trikania, na sa bidiyon koyar da ɗinkin buba a intanet. A bayanin da ke ƙasansa na jera atamfa yadi biyu, almakashi, tef da alli, sai awon ƙirji, kafaɗa da hannu. Na kuma sa kanun da mutane ke nema, irin su "yadda ake yanka wuyan buba". Amma ban rubuta a ƙara inci biyu na ɗinki ba, don a ganina kowa ya san wannan.

Bayan sati uku wata dattijuwa 'yar zumuntar mata ta zo shagona daga unguwar Nasarawa, riƙe da bubar da ta ƙi shigarta. Atamfar ankon wani taron cocinsu ce, kuma ta ƙare a kasuwa.

"'Yata, abin da kika rubuta na bi," in ji ta.

"Ki yi haƙuri, Mama, laifina ne."

Na yi mata ƙari da wani yadi a gefe, na gyara bayanin a ranar. Daga baya na ji ta ƙi zuwa taron, don kunyar tsayawa cikin 'yan'uwanta da faci.