Takardar Malamar Aji Huɗu

Shekara talatin Malamar aji huɗu ta yi tana shirya takardar aikin Hausa da hannunta. Kashi uku take raba ta: jinsin suna, lokutan aiki, sai gyaran jimla. A kashi na ukun da gangan take ɓata jimlolin, ta rubuta "Akuya ya sha ruwa" ko "Gobe mun je kasuwa", yara su gyara.

Ba na'urar buga takardu a makarantar, sai ta kai wa wani tsohon mai keken rubutu a bakin titi. Ran farko da ta karɓo aikin, ta tarar ya gyara mata jimlolin tas.

"Baba, yaran me za su gyara?" in ji ta.

"'Yar nan, ni hannuna ba ya buga ɓarna. A ce daga shagona ta fito?"

Sai da ta zauna a bencinsa tana tsaronsa, yana bugawa yana tsaki. Haka suka yi shekara da shekaru. Duk zango sai ya faki idonta ya gyara guda ɗaya, yara kuwa su yi ta neman laifin jimlar da ba ta da laifi.

Yanzu ta yi ritaya, tsohon ya rasu, shagon ya koma na cajin waya. Jiya jikarta ta kawo irin takardar daga makaranta, bugun kwamfuta, fes da ita. Malama ta bi jimlolin da yatsa, a hankali, har ƙasa. Duka goman a ɓace suke, babu wadda aka tausaya wa.