Wasu Ba Sa Jituwa da Babur

Ina akawu a ofishin gona na Kankara shekarar da aka raba wa malaman gona babura sabbi fil. Kuɗin man fetur sun shigo ƙasa, kowa ya jingine keke. Malamanmu tara ne, suna zagaya ƙauyuka har Faskari da Sabuwa.

Ƙarshen shekara Maigida, wato shugaban ofis, ya dire mini fom tara na auna aikinsu. Ya ce in tattaro su a shafi ɗaya: abin da suka iya, inda suka gaza, da kwas ɗin da suke bukata.

"Ban son suna, ban son gari," in ji shi. "Kada mai karantawa shi gane kowa."

Shi fom yana shiga fayil ɗin sirri ne, ba mai buɗewa sai da dalili. Shafina kuwa a teburin manya za a karanta shi, a lokacin da ake sallamar ma'aikata ba sallama.

Abin da suka iya bai ba ni wahala ba. Na jera fom ɗin a tabarma, na ɗauki duk abin da ya maimaitu: manoma sun yarda da su, sun san taki, sun san lokacin feshin auduga. Gazawar ma akwai ta tarayya, rahoton wata ba ya zuwa a kan kari.

Sai na zo kan fom ɗin Baba, dattijon cikinsu, wanda ya fara aiki tun ban yi wayo ba. Maigida ya rubuta, shi kuma ya sa hannu: bai iya hawa babur ba. Ashe kullum tura shi yake har bayan gari, ya ajiye a zauren wani amininsa, ya kama hanyar Mabai da ƙafa. Na yi dariya har da hawaye, sannan dariyar ta tsaya. Saura shekara biyu ya kai fansho. In na rubuta "mutum ɗaya", za a tambayi wane ne, a buɗe fayil. In na share, ba wanda zai koya masa.

Na sake bin sauran layi-layi, ina neman masa 'yan uwa. Allah ya taimake ni. Wani ya bar injinsa ya ƙone don bai san ana duba baƙin mai ba. Wani nasa ya yi wata biyu wurin makaniki. Wani kuma ya shiga rumfar mai tsire a kasuwar Yankara ba tare da ya sauka ba. Na cire rumfar da kasuwar, duk da raina bai so ba, na rubuta gaskiyar da ta haɗa su huɗun: wasu ba su ƙware a hawa da kula da babur ba, wannan yana rage kai wa ƙauyuka ziyara. Shawara: kwas na mako guda ga kowa da kowa.

Abin da ban lissafa ba shi ne, a wurinmu magana marar suna habaici ce. Ranar da Maigida ya karanta musu, yana cewa "wasu" sai kowa ya sha mur. Kafin la'asar mutum shida sun same ni a keɓe. Mai rumfar tsire ya ce, "Malam, mi na yi maka? Na biya mai tsiren nan kau!" Wani da fom ɗinsa ko ambaton babur babu, ya zo ya amsa laifin kaɗe akuya a Ruwan Godiya. Na ce wa kowa amsa ɗaya, ba da mutum ake ba, da aiki ake. Baba kuwa bai zo ba. Ya wuce yana tura babur ɗinsa, kansa a ƙasa.

An amince da kwas. Aka turo makaniki, aka taru a filin makaranta, ni ma na bi don rubuta sunaye. Bawan Allah bai san dawan garin ba, ya tafa hannu ya ce, "To, wanda bai iya hawa ba sam shi ɗaga hannu, mu fara da shi."

Na ji kamar in nutse. Aikin kwana uku zai rushe da tambaya ɗaya. Baba ya fara ɗaga hannu a hankali.

Kafin ya kai kafaɗa, mai rumfar tsire ya ɗaga nasa. "Ni ban iya ba, shaidu gare ni." Sai mai akuya. Sai sauran, har da wanda ke tuƙi da hannu ɗaya yana shan rake da ɗayan. Makaniki ya dubi hannuwa tara ya yi salati.

Daga baya na tambayi mai rumfar tsire ko wa ya gaya masu zancen Baba. Ya dube ni kamar wawa.

"Malam, wata goma mutum na tura babur, takalmi ya cinye, taya sabuwa. Wa ka ke ɓoye mawa?"

Ranar Alhamis Baba ya zagaya filin shi kaɗai a giya ta ɗaya, bakinsa na addu'a, mu duka muna binsa da gudu. Bai san yadda ake tsayawa ba tukuna, kuma ba wanda ya yi dariya sai da shi da kansa ya fara.