Tankin gidan surukina

Ni mutum ne mai saurin cewa "ai na san wanda zai yi". Da surukina, mahaifin matata, ya ce yana son tankin ruwa na ƙarfe a gidansa na Tungan Maje, kafin ya rufe baki na kawo sunan yayana mai walda a Gwarinpa. Yaya ya ƙera, ya kafa shi kan dakalin siminti, ya rangaɗa masa "lita 5,000" da jan fenti.

Ranar da motar ruwa ta fara zuwa ina gidan, na kai gaisuwa. Lita dubu biyar aka yi oda. Tanki ya cika har yana ambaliya, direba kuwa ya ce da sauran ruwa mai yawa a motarsa.

"Oga, wannan tanki bai kai ba," in ji shi.

Baba ya ce ba zai yiwu ba, yayan surukinsa ne ya ƙera. Sai ya juyo ya ce tunda lissafi nake koyarwa a sakandare, in auna a raba gardama. Ni da ko ruwa ba na iya sha a gabansa, ga ni kan tsani da tef ɗin awo, shi yana riƙe mini tsanin.

Faɗin tankin daga baki zuwa baki ta tsakiya mita ɗaya da ɗigo shida, tsayi mita biyu. Na tsuguna ina zane a ƙasa da tsinke. Rabin faɗin ɗigo takwas ne, sau kansa ya ba da 0.64. Sau 3.14 ya zama biyu da 'yan kai, girman gindin ke nan. Sau tsayi, huɗu da 'yan kai. Kowace mita ɗaya a cikin huɗun nan, wato akwatin da tsawo da faɗi da zurfinsa duk mita guda ne, lita dubu take ci. Lita dubu huɗu ke nan da kamar ashirin.

Na share da tafin hannu na sake, ko Allah zai sa na yi kuskure. Ban taɓa roƙon in faɗi lissafi ba sai ranar. Haushin yaya ya cika ni, amma kunya ta fi, kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Malam, nawa ka samu?" Baba ya tambaya.

"Dubu huɗu ne, Baba." Kaina a sunkuye.

Ya ce dubu huɗu ma ai ruwa ne. Ya ba direba haƙuri, ya sa a kira maƙwabta su kawo bokitai su kwashe ragowar.

Bai taɓa ta da maganar ba, bai kuma goge fentin ba. Sai dai duk ranar da matata ta gaya musu ina tafe, nakan tarar an shanya tabarma a jikin tankin, daidai kan jan rubutun. Har ranar da ake ruwan sama na tarar da ita a shanye.