Jan Alƙalami a Takardar Baba Fuseini

Bukari yana wanke hannu a bakin randa lokacin da tsoron ya fara kama shi. Mahaifiyarsa, Inna Azara, tana ba maƙwabciya labari ta kan zana.

"Jiya war haka ina dakan sakwara sai ga matar Fuseini tana ɗaure kaya. Motar Dapango za su shiga da safe. Gobe war haka sun wuce Mango."

Bukari ya tsaya da buta a hannu. Jiya, ina daka. Gobe, sun wuce. A jadawalin da ya zana da hannunsa wata biyu da suka wuce, "ina" na yanzu ne kawai, "sun" kuma na abin da ya wuce ne kawai. Ga uwar da ta haife shi ta rushe jadawalin a numfashi ɗaya, kuma babu wanda zai ce ta yi kuskure. Da wannan jadawalin ne ya kayar da Baba Fuseini a jarrabawa.

Duk zangon Sokode an san Baba Fuseini. Ubansa falken goro ne, shi kuwa ya tashi yana bin ayari, yana tsintar harsuna a hanya: Kotokoli a kasuwa, Moba a arewa, ɗan Jamusanci da ya manta daga baya. Faransanci a bakin wani kuku ya fara ji, karatun boko kuma sai da ya yi gemu ya koya. A 1924 aka ɗauke shi tafinta a biron kumandan, wato ofishin Baturen mulki. Shekara ashirin da tara yana tsaye gefen teburi, hannu a baya, Turawa bakwai sun zo sun tafi. Riga biyu gare shi, duka farare, da keke wanda ya fi tura shi fiye da hawa.

Yana da wata ɗabi'a da ke ƙular da Turawa. In mai ƙara ya ce "yana dukan jakina", Baba ba zai juya maganar ba sai ya sunkuya ya tambaye shi, "Yaushe?" Kumandan ya buga teburi, a fassara kawai. Baba ya ce ranka ya daɗe, bakinku ba ya buɗuwa sai an san lokaci. Yaran biro suka laƙaba masa Baba Yaushe. Shi ne kuma ya kama hannun Bukari ya kai shi lakwal, makarantar boko, bayan rasuwar ubansa, Inna tana kuka tana cewa za a mayar mata da ɗa kafiri.

A 1953 Bukari ya dawo daga kudu da takardar malanta da takalmi mai ƙara, ana ce masa Mushe, wato malam a bakin Faransawa. A wannan shekarar aka aiko wani sufeto ya jarraba tafintoci, wanda ya faɗi a sallame shi. Sufeton ba ya jin Hausa, sai ya kira sabon malami ya miƙa masa takarda mai gida uku, na da, na yanzu, na gaba, ya ce ya cika. Bukari ya cika cikin rabin awa: ya yi, yana yi, zai yi. Ya yi kyau a ido. Haka aka koya masa cewa kowane harshe na kirki yake.

Takardun jarrabawa lamba ce a kansu, ba suna, amma Bukari ya san rubutun lamba huɗu, manyan baƙaƙe masu jingina da juna. Inda aka rubuta "il travaille", lamba huɗu ya sa "yana aiki". Inda aka rubuta "il travaillait", wato na da, ya sake sa "yana aiki". "Il a fini", ya gama. "Il aura fini", na gaba, shi ma ya gama. A gefe ya ƙara da ƙaramin rubutu cewa a ba shi sauran maganar. Bukari ya ji kunya ta kama shi a madadin tsohon. Ashe shekara ashirin da tara bai bambance jiya da yau a Faransanci ba. Ya ja jan alƙalami sau goma sha ɗaya. Sufeto ya duba ya ce bai yi mamaki ba, mutanen ƙasar nan ba su san lokaci ba, shi ya sa harshensu ma bai san shi ba. Aka sallami Baba saura wata goma sha huɗu ya cika shekarun da ake ba mutum kuɗin hutun tsufa. Bai je gidan kowa ya yi ƙorafi ba. Ya sayar da keken, ya ce zai koma wurin 'yarsa Zainabu da ke auren wani mahauci a Dapango.

Tun daga ranar butar nan Bukari bai ƙara jin magana kamar da ba. Mai nama ya ce, "Kafin ka dawo na yanka maka," ga "na yanka" a cikin abin da bai zo ba. Wani ya ce, "Jiya zan fita sai ga baƙo," ga "zan" a cikin jiya. A aji yana rubuta Faransanci a allo, alli yana karyewa a hannunsa. Ya rame har Inna ta fara jiƙa masa sassaƙe. Sati uku ya yi a haka, hutu na zuwa ya shiga motar arewa.

Kwana biyu suka yi a hanya, da jiran kwalekwalen fito a Mango. Ya sami Baba da hantsi a bayan rumfar surukinsa, zaune a kan buzu yana fere tsinken tsire. Ya tsufa a wata ɗaya fiye da yadda ya tsufa a shekara goma.

"A'a, Mushe Bukari da kansa! Zainabu, kawo wa malamin Turawa ruwa. A kofi, kada ki ba shi a ƙwarya ya ƙware."

Bukari ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambayi gida, ya tambayi jiki. Sannan ya ce, "Baba, ni na duba takardarka."

"Na sani. Wa ya koya maka riƙe alƙalami? Jan layinka ma karkatacce ne kamar na ubanka."

"Amsoshinka daidai ne. Nawa ne ba daidai ba."

"Wannan ma na sani." Ya ci gaba da fere tsinkensa. "Sai yanzu ka ji?"

"A bakin Inna na ji."

Baba ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ido ba. "Kuɗin mota ka kashe ka je kudu, abin yana tsakar gidanku."

Bukari ya fito da takarda ya ce so yake ya rubuta wa babban biro a Lome, a sake duba jarrabawar, amma bai san yadda zai bayyana abin ba. Ya san jadawalin ƙarya ne, bai san mene ne gaskiyar ba.

Tsohon ya ƙarasa fere tsinken da ke hannunsa. Sannan ya nuna surukinsa da tsinke. "Dubi Awudu. Me yake yi?"

"Yana fiɗa."

"Jiya da na zo nan fa?"

"Yana fiɗa."

"Gobe in Allah ya kai mu?"

"Yana fiɗa."

"To ka gani. 'Yana' ba ruwansa da jiya ko gobe. Abin da yake gaya maka, wuƙa tana cikin nama, aiki bai ƙare ba. In na ce 'ya feɗe', an gama, ko jiya ne ko gobe kafin ka iso. Mu abin da bakinmu ba ya iya tsallakewa ke nan, an gama ko ana ciki. Lokaci kuwa sau ɗaya muke faɗinsa a farkon zance, jiya, bara, gobe, ya ishi duk abin da ya biyo baya. Bafaranshe kowace kalmar aiki sai ya liƙa mata lokacinta a wutsiya, ko ya riga ya faɗa sau goma. Shi ya sa nake tambayar mutane yaushe. Ba don ni ba, don shi."

"Su ba su da an gama da ana ciki?"

"Suna da shi, amma a abin da ya wuce ya fi fitowa. 'Il travaillait' ɗin nan naka, ai ana ciki ne, a da. Kai ka mayar da shi 'ya yi aiki', ka ƙarasa wa mutum aikin da bai ƙarasa ba."

Bukari yana ta rubutu. Ya ce, "Sufeto cewa ya yi don ba mu san lokaci ba ne."

"Ubana yakan bar Salaga ya ce ranar kaza zai shiga Sokode, kuma ranar zai shiga, don goro ba ya jira. Shi ne bai san lokaci ba?" Ya tofar da ɓawon tsinke. "Je ka kasuwa ka saurari Moba. Suna da 'yan ƙananan kalmomi da suke sa wa gaban aiki, wannan na jiya, wannan na kafin jiya. Sun fi Bafaranshe yanka lokaci ƙanana, kuma ba agogo a hannunsu. Ba hali ba ne, ɗana. Kowane harshe yana iya faɗin duka biyun. Kalmomi ne suke sudewa da yawan amfani har su zama dole. 'Yana aiki' ɗan'uwan 'yana gida' ne, mutum yana cikin abu. 'Zai yi' daga 'za shi' ya fito, tafiya ce. Su ma suna cewa 'je vais', wato za ni, su nufi gaba. Abin da ya sude a bakin kakanninmu daban, nasu daban. Iyakar abin da na gano ke nan a shekara ashirin da tara, ban ce na gano duka ba."

Zainabu ta ajiye ruwa ta tsaya. "Yaya Bukari, in ka aika wannan, kai ba za su kore ka ba?"

"Mai yiwuwa."

"To kada mu tashi da mutum biyu a bayan rumfa, tsinken bai kai ba."

Baba ya ce, "Rabu da shi. Ni ban roƙe ka ba, Bukari, ka ji? Na gaji da tsayuwa gefen teburi. Wata goma sha huɗun nan ne kawai, don kada in mutu ina cin tuwon suruki."

Suka yi kwana biyu a kan wasiƙar. Bukari yana rubutawa, tsohon yana gyara masa misalai, wani lokaci har da Faransancin. Shafi huɗu ta ci. A sakin farko Bukari ya rubuta cewa shi ya zana jadawalin, shi ya duba takardar, kuma kuskuren nasa ne. Ya roƙi a ba wani mai jin Hausa amsoshin lamba huɗu, a mayar da Fuseini bakin aikinsa ya cika shekarunsa. Baba ya ce a cire "ina roƙo da ƙasƙantar da kai" guda biyu daga cikin uku, ɗaya ya isa.

Bukari ya sa ta a gidan waya na Dapango ranar Laraba, ya shiga motar kudu. Ya koma aji. Jadawalin yana nan a biro, an ce za a yi amfani da shi a jarrabawar baɗi. Duk ranar da motar wasiƙu ta iso Sokode yakan tsallaka bayan an tashi yara, ya tsaya a bakin taga har ma'aikacin ya gama rarrabawa ya girgiza masa kai. Baba yana Dapango, an ce ƙafarsa ta fara kumburi. Yau sati tara ke nan, amsa ba ta zo daga Lome ba.