Jika Shidan da Na Ƙara wa Baba Shofer

Shekara goma sha tara na yi ina aikin kwantabul, mai riƙe lissafin kuɗi, a wani ƙaramin kamfanin haƙa rijiyoyi a Zinder, kuma ban taɓa yin suna da sanyin hali ba. Ma'aikata na cewa in kana son ka ji baƙar magana da safe, to ka shiga birona, wato ofishina, da takardar da babu hatimi. Mutum ɗaya ne ban taɓa iya ɗaga wa murya ba, shi ne tsohon shofer ɗinmu, wanda ke jan motar kat-kat ta kai injiniyoyi daji. Sa'an mahaifina ne, a unguwar Birni yake zaune da matarsa da ƴaƴa bakwai. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini ɗiyata.

A wajenmu kuɗin tafiya iri biyu ne. Akwai perdiyam, wanda ake ba injiniya a kan kowane kwanan da ya yi a daji. Sai ya fita da takardar misiyo, wato ta shaidar an aike shi aiki, a buga masa hatimi a meri, ofishin magajin garin da ya je, ranar isa da ranar tashi. Wannan kuɗin abinci ne da wurin kwana, maida masa abin da ya kashe ne, don haka lanho, wato haraji, ba ya taɓa shi, asusun antire na ƴan ritaya ma ba ya cire kasonsa a ciki. Akwai kuma alawus ɗin tafiya na wata-wata da ake ba shofer, ko ya fita ko bai fita ba. Shi wannan albashi ne a idon doka. Ana haɗa shi da albashin tushe, a cire na asusun antire, a cire lanho, abin da ya rage shi ne na mutum.

Albashin Baba jika saba'in ne, wato sefa dubu saba'in, alawus jika sittin. In na haɗa na zaftare, jika ɗari da ashirin ba kaɗan yake ɗauka ya tafi gida.

Wata rana ƙarshen wata, ya karɓi ambulan ɗinsa ya sa hannu, amma bai tashi ba. Yana ta juya hularsa a gwiwa.

Ya ce, "Ɗiyata, in tambaye ki mana. Ni da yaron nan injiniya, mota ɗaya muka shiga zuwa Damagaram Takaya. Shi ya kwana a ɗakin baƙi, ni na kwana a mota. Nasa kuɗin tafiyar kin ba shi cif, ko dala ba ta yi ciwon kai ba. Nawa kuma kin yi masa aski. Ko tawa tafiyar ba tafiya ba ce?"

Na yi masa bayani kamar yadda na yi a sama. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To ni ma a maida ni mai hatimi mana. Wa ya fi ni kwanan daji a gidan nan?"

Gaskiyarsa ce. A watannin rani yakan yi kwana goma sha biyar, wani lokaci ashirin, bai ga gidansa ba. Na ɗauki kalkuleta na buga a gabansa. In aka soke alawus, aka ba shi perdiyam na jika biyar a kwana, kwana goma sha biyu sun ba da jika sittin ɗin nan daidai. Jika saba'in kaɗai za a zaftara, sittin ta zo masa ba ko ƙwarzane. Abin da zai kai gida ya tashi jika ɗari da ashirin da biyar da ƴan kai, ƙarin kusan jika shida kenan kowane wata.

Ya ce, "Jika shida! Ai kuɗin ruwan gidana ne na wata, har da canji." Duk wanda ya zauna a Birni lokacin zafi, famfo ya yi kwana da kwanaki bai ɗiga ba, ya san abin da yake nufi.

Na kai wa patoro, mai kamfanin, maganar. Ban taɓa ganin ya amince da abu da sauri haka ba, don shi ma kason da kamfani ke zubawa a asusun antire zai ragu. A lokacin na ɗauka kirki ne ya motsa masa. Ni kuma na fito ina jin kaina kamar na yi aikin lada.

Zan faɗi gaskiya a nan, don ban rubuta wannan domin in wanke kaina ba. Na san kuɗin antire a kan albashin da aka bayyana wa asusu ake lissafa shi, kuma na shekarun ƙarshe ake dubawa. An koya mini a lakwal, tun ina ɗaliba. Na ma faɗa masa, amma a gurguje, ina rufe durowa. Na ce, "Baba, ka san fa zai taɓa kuɗin antirenka." Ya yi dariya ya ce, "Wa ya ga gobe, ɗiyata? Da sauran shekara goma sha biyu. In lokaci ya matso sai ki maida ni yadda nake." Na ce to. Ban rubuta a ko'ina ba.

Haka muka ci gaba. Ya zama babu wanda ya kai shi kula da takardar misiyo. A cikin leda yake naɗe ta, ya sa ƙarƙashin kujera. In ya isa Guna ko Takeita ya tarar sakataren meri ya tafi jana'iza, zai zauna gindin bishiyar bedi ya jira shi har la'asar, don ya san ni, ba na biyan kwanan da babu hatimi. Da damina, in aikin haƙa ya tsaya, kwanakinsa ba sa kai goma sha biyu, sai in cike masa da rarar kwanakin rani da ba a biya shi ba, tunda goma sha biyu kaɗai ake biya a wata. Ba daidai ba ne a ƙa'ida, na sani. Perdiyam ɗin kuwa bai taɓa cin sa a hanya ba. Shayi da burodi, sai ƙuli-ƙuli a aljihu, ya kwanta a bayan mota, ya kawo kuɗin gida cif. Da su ya yi wa ƴaƴansa mata uku kayan ɗaki.

A cikin shekarun nan patoro ya rasu, ɗansa ya hau kujerar. Na haifi ƴaƴa biyu, na yi jinyar mahaifiyata har Allah ya karɓi abarsa. Kowane ƙarshen wata takardar albashin Baba na bi ta hannuna, ina ganin jika saba'in a layin da ake cire na asusu, ina wucewa. Abin da ido ya saba gani ba ya ƙara ganinsa. Shi bai tuna mini ba, ni ban tuna ba, kuma ni ce aka ɗauka aiki don in tuna.

Da ya cika shekara sittin muka yi masa ƴar walima a harabar kamfani, da lemo da naman tsire. Ni na cike masa takardun antire da hannuna. Ina cikin kwafe albashin shekarunsa na ƙarshe, saba'in, saba'in, saba'in, sai na tuna ban taɓa maida shi yadda yake ba. Na ajiye alƙalami na shiga banɗaki na daɗe. Da na fito ban ce masa komai ba. Tsoro ne, ba wani abu ba.

Bayan ƴan watanni ya shigo birona da takarda a hannu. Ya rame kaɗan, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a.

Ya ce, "Ɗiyata, duba mini nan. Ina jin mutanen nan sun yi kuskure. Jika talatin da ɗaya suka rubuta a wata. Abokina da muka fara aiki shekara ɗaya, shofer ne shi ma, yana karɓar hamsin da wani abu."

Na duba, ko da yake ba na bukatar dubawa. Babu kuskure ko na dala. Abin da muka bayyana, a kansa suka yi lissafi. Da alawus ɗin na ciki, da ya kusa jika sittin.

Na ce, "Baba, ba su yi kuskure ba. Ni na yi. Ka ce in lokaci ya matso in maida kai, ban maida kai ba."

Sai ya jawo wata jakar leda daga cikin riga, ya kwance a kan teburina. Kwafin takardun misiyo ne, na shekara goma sha biyu, ya ɗaure kowace shekara da zare.

Ya ce, "In an kai musu waɗannan fa? Ai duk na je. Ga hatimi nan, ba wanda na ƙirƙira."

Dole na gaya masa cewa takardun nan su ne shaidar kuɗin ba albashi ba ne. Ni mai baki kamar reza, ranar da ƙyar na haɗa maganar.

Na shiga wurin ɗan patoro. Na ce a sake bayyana albashin shekarun ƙarshe, kamfani ya biya bashin kason da tarar da za a ci mu, ni a cire nawa laifin a albashina. Ya ce in yi hankali, in muka ce perdiyam ɗin albashi ne, to mun ce mun yi shekaru muna ɓoye wa lanho kenan, kuma sa hannuna ne a kan kowace takarda. Na faɗa masa maganganun da ba a faɗa wa mai gida. Ya ba Baba buhun gero biyu da jika hamsin, ya ce Allah ya ba da haƙuri.

Da na raka shi bakin ƙofa, ya ce, "Kar ki sa wa ranki. Ni na roƙe ki, kuma na ci kuɗin. Abu ɗaya, kar maganar nan ta je gidana."

Bai zauna ba. Ya samu wata tsohuwar motar haya yana ja tsakanin Zinder da Takeita, da idon da ya fara hazo. Nakan hango shi a tasha yana jiran fasinja su cika, in sauya hanya. In na aika masa da wani abu lokacin azumi, sai ya aiko mini da kankana ko rake, don kar a ce sadaka ya karɓa. Shekara uku ya yi a haka. Wata safiya ya ɗora goshi a kan sitiyari kafin mota ta cika, bai ɗago ba.

Na je gaisuwa ranar uku. Matarsa na zaune a tabarma cikin mata, ta rufe kai da mayafi. Na san abin da ita ba ta kai ga sani ba tukuna, cewa rabin jika talatin da ɗayan nan ne zai riƙa zuwa mata, ga yara biyu ba su gama lakwal ba. Na durƙusa na ce, "Inna, ya haƙuri?" Wata ta raɗa mata ko ni wace ce. Sai ta kamo hannuna da hannu biyu, ta juya ga matan.

Ta ce, "Kun ga wannan? Ita ce madam kwantabul da ta ƙara wa Malam albashi. Har ya koma ga Allah bai daina sa mata albarka ba."

Mata suka yi ta cewa Allah ya saka da alheri. Ina durƙushe, hannuna cikin nata, na ce amin.