Shafi na Huɗu

Shekara ashirin da bakwai Anti Tafireta ta yi a ɗakin buga takardu na wata tsangaya a jami'a, wani ɗan ƙuƙumin ɗaki a ƙarƙashin matakala, mai taga ɗaya da fanka mai kukan tsiya. Sunan ya bi ta ne tun zamanin da ake bugu da tafireta, kuma ko da kwamfuta ta zo ta kori tafiretar, sunan ya ƙi tafiya. Su shida ne a ɗakin lokacin da ta fara aiki. Wata ta yi ritaya, wata ta rasu, sauran aka yi ta watsa su ofis-ofis, har ya rage ita kaɗai da kujeru biyar da ba mai zama a kansu.

Aikinta shi ne karanta abin da ba ya karantuwa. Malaman jami'a, Allah ya ba su ilimi ya hana su rubutun hannu. Sai mutum ya kawo mata shafi talatin kamar kaji sun yi dambe a kai, ga kibiya ta tashi daga nan ta faɗa can, ga gyara a gefe, ga gyaran gyara a bayan takarda, ya ce yana so kafin azahar. Ita kuwa ba ta zato, ba ta cike gurbi da ka. Tana da doka guda da kowa ya sani: ba ta ƙara kalma, ba ta cire kalma, sai mai rubutun ya soke da jan biro a gabanta ya sa hannu a gefe. Farfesoshi sun yi fushi da wannan doka sun gaji sun bi. Kuma ba ta yar da takarda. Duk rubutun hannun da ta buga yana cikin kwali da kwanan wata, kwafinsa yana cikin kwamfuta. Maigidanta, tsohon direban motar asibiti, yakan tsokane ta cewa ko takardar cefane ya rubuta mata sai ya sa hannu kafin a cire albasa.

A cikin masu mugun rubutun nan babu kamar Dakta. Ta san shi tun yana ɗalibi mai riga ɗaya, ita ta buga masa kundin digirinsa na farko, da na biyu, da na uku. Yanzu shi ne ake kira ko'ina in za a yi maganar ƙirƙirarriyar basira. Bara waccan ya sauko ƙarƙashin matakala da fara'arsa, ya ce Anti, kwalayen nan naki zinariya ce. Ya yi mata bayani, kuma gaskiya ya faɗa: na'ura ba ta iya karanta rubutun hannu haka kawai, sai an nuna mata hoton layi an nuna mata abin da layin ya ce, sau dubbai, har ta kama yadda hannu yake karkata harafi. To wa yake da hoton da amsarsa a ajiye in ba Anti ba?

Wata takwas ta yi tana wannan aiki bayan nata na kullum. A ɗauki hoton shafi, a yanka shi layi-layi, ita kuma ta haɗa kowane layi da bugunsa. Idonta ya yi ja, aka sauya mata tabarau. Da na'urar ta fara karatu sai ta zama ɗalibarta: ta karanta, Anti ta gyara, a mayar da gyaran a sake horar da ita. Ta ƙware, ba laifi, rubutu mai tsabta tana wuce shi kamar ruwa. Amma a hannun Dakta har gobe tana kuskuren kusan kalma ɗaya cikin goma, kibiyoyinsa kuwa ba ta san inda suka dosa ba. Abin da ya fi ba Anti haushi, na'urar ba ta taɓa cewa ban gane ba. In ta rasa, sai ta kawo wata kalma mai kyan gani ta dasa, ta wuce abinta.

Ana cikin haka labari ya fito cewa an kafa kwamitin rage ma'aikata, Rajistara ne shugaba, kuma ɗakin ƙarƙashin matakala yana cikin jerin da za a duba ranar Litinin. Shekara uku suka rage mata ta yi ritaya da mutuncinta. Ba ta iya roƙo ba, amma ta hau bene ta sami Dakta. Ya dafa ƙirji ya ce ta kwantar da hankalinta: ranar Alhamis shi zai buɗe taron jama'a kan ƙirƙirarriyar basira da makomar ayyuka, Rajistara zai zauna a sahun gaba, kuma zai faɗi abin da zai sa kwamitin ya shiga taitayinsa.

Ya kuwa rubuta. Shafi bakwai ya kawo, ita ta buga su da hannunta ba tare da na'ura ba, don haka ta san jawabin kamar tafin hannunta. Shafi na huɗu nata ne. A nan ya ce na'urar da ake yabo daga kwalayen wata mata ta koyi karatu, ya ce har yau ba a sakin takarda sai ta bi ta layi-layi, ya ce duk hukumar da ta sallami mai gyara don ta sayi na'ura, ta sayi kuskuren da ba mai gani. Da ta zo wurin sai da ta cire tabarau ta goge ido. Ta buga kwafi biyu, ɗaya nasa, ɗaya ta sa a jaka.

Ranar Alhamis babban ɗakin taro ya cika har bakin ƙofa. Ɗalibai, 'yan jarida, ma'aikatan banki, da wasu mutum uku masu kwat daga kamfanin da ke son sayen manhajar Dakta mai karanta rubutun hannu. Anti ta sami kujera a can baya kusa da lasifika, ta shimfiɗa kwafinta a cinya, ta ɗora yatsa a layin farko.

Dakta ya iya magana, wannan ba a ƙwace masa. Ya gai da manya, ya ba da dariya, ya ce na'ura ba ta cika cinye sana'a ɗungurungum ba, ɗawainiya take ɗauka ɗaya bayan ɗaya, musamman wadda ake maimaitawa. Yatsan Anti yana bin sa, shafi na ɗaya, na biyu. A na uku ya haska hoton rubutunsa a bango, ɗaki ya fashe da dariya, sannan ya nuna yadda manhajar ta mayar da shi bugu tsaf. Aka yi tafi. Anti ba ta yi ba, domin ta gane shafin, ita ta gyara kalma goma sha ɗaya a cikinsa ranar Talata.

Masu kwat suka gyaɗa kai. Rajistara ya karkata ya raɗa wa na kusa da shi wani abu yana murmushi. Dakta ya dube su, ya dubi takardarsa, ya sha ruwa. Daga inda take ta ga hannunsa ya kama shafi biyu a haɗe ya juya.

“Jama'a,” in ji shi, “rubutun da ya gagari mutane, na'ura ta koya wa kanta karanta shi.”

Wannan jimla ba ta cikin shafi bakwai ɗin. Yatsanta yana nan a kan layin farko na shafi na huɗu, shi kuwa ya riga ya faɗa na biyar yana maganar sababbin ayyukan da za su ɓullo da wajibcin kowa ya sake koyon sana'a. Ta koya wa kanta! Ba kunya Anti ta ji ba, ba kuma tsoro ba, fushi ne tsagwaronsa, irin wanda ke sa kunne ya yi zafi. Da mantuwa ce da ta yafe, mai magana yakan yi tsallake. Amma ta ga hannun, kuma wanda ya shekara ashirin da bakwai yana karanta hannun mutane ya san hannun da ya yi kuskure da wanda ya yi niyya.

Da aka zo tambayoyi ta ɗaga hannu har kafaɗarta ta gaji. Abin magana ya yi ta yawo a sahun gaba, aka ba wani mai banki, aka ba ɗan jarida, aka ce lokaci ya ƙure. A gida maigidanta ya ga fuskarta, ya haɗiye tsokanar da ya tanada, ya ɗauko mata ruwa kawai.

Washegari da hantsi sai ga Dakta a ƙarƙashin matakala, bai zauna ba ko da yake ga kujeru biyar. Ya yi ta kewaye-kewaye: lokaci ne ya matse, yanayin ɗakin bai dace ba, in kamfanin ya sayi manhajar tsangaya ce za ta amfana, zai sami Rajistara su yi magana a keɓe, wadda ta fi tasiri. Ita dai tana kallon allon kwamfutarta. Can ya iso inda za shi. Mujallar jami'a tana son jawabin yau-yau, kuma yadda aka gabatar da shi ake so, don haka a cire shafi na huɗu a sa jimlar nan da ya faɗa.

Anti ta jawo kwali, ta zaro shafin na asali, rubutun hannunsa, ta shimfiɗa a tebur. Ta ɗora jan biro a kai.

“Haba Anti, sai ka ce baƙo? Ki danna ki goge mana.”

“Dakta, ka san dokar ɗakin nan tun kana da riga ɗaya. Ban taɓa cire wa mutum kalma ba. Kai ka rubuta, kai za ka soke.”

Ya tsaya yana kallon takardar. Ta san karantawa yake yi, don leɓensa yana motsi, kuma ta bar shi ya karanta har ƙasa, ba ta taimake shi da ko tari ba. Fanka tana ta kukanta. A ranta ta ba shi dama ta ƙarshe: ya ajiye biron ya ce a buga da shafin, ko ba komai Rajistara yana karanta mujallar kafin Litinin. Sai ya ɗauki biron ya ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa.

“Sa hannu,” ta ce.

Ya sa, ya fita bai yi sallama ba.

Ta yi aikinta yadda ta saba. Ta cire shafin, ta sa jimlarsa a gurbin, ta bi jawabin layi-layi har ta ga babu ko ɗigo da ya kauce, ta aika. Ranar Laraba masinja ya kawo wasiƙar kwamiti: za a rufe ɗakin a ƙarshen wata, a kwashe kwalayen a kai ɗakin bincike na Dakta don ci gaba da horar da manhaja.

Da masu kwasa suka zo ta ƙirga musu kwalayen da kanta, kowanne da kwanan watansa, ba ta riƙe ko ɗaya ba. Takarda guda ce kawai ba ta shiga kwali ba. Tana cikin jakarta, da jan layi da sa hannun mai ita, kuma ita ce kaɗai shafin da ya ratsa ɗakin nan wanda na'urar ba za ta taɓa koyon karantawa ba.